Kwana 19 tsakanin gargaɗin mai unguwa da faɗuwar katangata

Katangar bayan gidanmu ta tubali ce, mahaifina ya gina ta tun ina yaro, kuma ita ce ta raba tsakar gidanmu da lungun da mutane ke bi zuwa rijiya da gonakin gabas. Ƙauyenmu yana ƙasar Ringim ne a Jihar Jigawa. Duk wanda ya yi daminar 2022 a wannan yanki ya san irin ruwan da aka sha da yawan gidajen ƙasa da suka zube. Tawa katangar na cikin waɗanda suka zube, sai dai ita a kan mutum ta faɗa.

Tun kafin ruwa ya yi ƙarfi na ga alamu. Indararon ɗakin uwargida ya karye, ruwa yana zuba daidai gindin katangar maimakon ya yi tsalle ya faɗa lungu. Yaɓen ƙasa ya zaizaye har tubali ya fito, wata tsaga ta taso daga sama ta gangaro wajen kamu biyu, kuma idan ka tsaya daga bakin lungu ka hango ta, za ka ga ta yi ciki ta rinjaya waje. Katangar ƙasa daga gindi take mutuwa. Idan ƙasan ya jiƙe ya yi laushi, nauyin saman ne yake tura ta, kuma ɓangaren da ruwa ya fi ci can take kwanciya.

Wata Juma'a a watan Yuli, muna fitowa daga masallaci, mai unguwa ya kira ni gefe. Akwai dattawa biyu tare da shi. Ya ce, "Malam, katangar nan taka ta lungu ta sunkuya. Yara da mata suna bi ta nan safe da yamma. Ka yi wani abu a kai." Na ce, "Ranka ya daɗe, na gani. In an ɗan samu sararin noma zan kira magini." Ya ce to, muka rabu. Ban ɗauki maganar a bakin komai ba face shawarar babba ga ƙarami. Magini kuwa da na tuntuɓe shi ya ce ba a ginin ƙasa da damina, in bari sai kaka. Na sa itace biyu na tokare ta daga ciki, wanda yanzu na gane ba shi da wani amfani tunda waje take rinjaya, na koma gonata.

Kwana 19 bayan wannan magana aka wuni ana ruwa. Wajen la'asar sakaliya muka ji wata ƙara kamar an kayar da amalanke, sai ihu. Wani magidanci ne daga ƙauyen da ke gabas da mu, yana dawowa daga cin kasuwa a kan kekensa, ruwa ya tsananta ya raɓe jikin katangar. Ta rufe shi daga ƙugu zuwa ƙasa, wani tubali kuma ya fasa masa kai. Da hannu da fartanya muka tone shi. Ina tuna yadda yake ta salati yana cewa a duba masa ƙafa, ni kuma ina jin gwiwoyina suna rawa don na san katangar wa ce.

Abin da na fara yi shi ne neman mota, kuma har yau ina ganin shi ne kaɗai abin da na yi daidai a duk wannan lamari. Na tura ƙanena ya sanar da mai unguwa, ni kuma na bi majinyacin zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma. An ɗinke kan, aka ɗauki hoton ƙafar, aka ce ƙashin cinya ya karye. Na biya kati da hoto da magani, kuma ma'aikacin jinyar da ya karɓe mu ya ba ni shawarar in riƙa adana kowane rasit. Na samu leda na riƙa tarawa. Daga baya wannan ledar ta yi min rana.

Washegari mai unguwa ya kai maganar gaban dagaci, dagaci ya ce a sanar da 'yan sanda tunda an zubar da jini, ko da ba faɗa aka yi ba. Na je na rubuta bayani, aka zo aka duba wurin, kawuna ya tsaya min aka sake ni. Jami'in ya gaya min cewa sakacin da ya jawo wa wani rauni yana iya zama laifi a doka, amma tunda ina ɗaukar nauyin jinya kuma dangin mutumin ba su nemi a tsare ni ba, za su jira su ga yadda za mu ƙare.

A kwanakin farko kowa ƙaddara yake cewa. Masu zuwa jaje suna cewa, "Ai ruwa ne, gidaje nawa suka faɗi bana?" Ni ma na fara jingina da wannan magana, don tana sanyaya zuciya. Limamin garinmu ne ya cire min ita. Na same shi a zaure bayan isha'i na ce, "Allah gafarta Malam, shin a shari'a akwai wani abu a kaina, ko kuwa taimako ne kawai nake yi?" Bai amsa nan take ba. Ya tambaye ni ko katangar a miƙe aka gina ta tun asali. Na ce a miƙe. Ya ce ko wani ya taɓa yi min magana a kanta. Na yi shiru, sannan na gaya masa zancen ranar Juma'a.

Ya ɗauko Mukhtasar na Shehu Halil ya nuna min wurin. Malaman Malikiyya sun yi maganar wannan mas'ala da sunanta, wato katangar da ta karkata. Mai ita yana lamuntar abin da ta lalata, rai ne ko gaɓa ko dukiya, idan abu uku suka haɗu: ta karkata bayan da a miƙe take, an gargaɗi mai ita, kuma ya samu isasshen lokacin da zai iya kawar da haɗarin bai yi ba. Idan lafiyayyar katanga ce iska ko ambaliya ta kayar da ita farat ɗaya, babu komai a kan mai gida. Idan an gargaɗe shi da safe, ya tafi neman leburori ta faɗi kafin azahar, nan ma babu. Wanda kuwa ya gina ta a karkace tun farko, ba a ma jiran gargaɗi a kansa. Liman ya ƙara da cewa gargaɗin ana so ya kasance a gaban shaidu, kuma ga mai gidan kansa za a yi shi, don ɗan haya ba shi da ikon rushe ginin da ba nasa ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Kai kuwa mai unguwa ne ya gaya maka, a gaban mutum biyu, kuma da bakinka ka ce ka gani."

Na kawo uzurina na magini da damina. Amsar da ya ba ni ita ce ta fi zauna min a rai. Ya ce, "Ɗana, ba wanda ya ce ka gina. Cewa aka yi ka kawar da cuta daga hanya. Rushe katanga wuni nawa yake ci? Ka kayar da ita cikin gidanka, ka kafa zana, in kaka ta yi ka gina." Gaskiya ce. Leburori uku da diga sun isa su sauke ta kafin la'asar. Abin da ya hana ni shi ne kunyar a ga tsakar gidana ta cikin zana, da ƙyashin kuɗin da bai kai na buhun taki ba. Ƙaddara gaskiya ce, kuma na yi imani da ita, amma ba ta ɗauke wa mutum alhakin abin da aka nuna masa da yatsa ya ƙi gyarawa.

Ana nan sai wata matsala ta taso. Likita ya ce karayar cinya irin wannan tana son aiki a sa ƙarfe, ya ba da takardar tura shi asibitin ƙashi na Dala a Kano. Na ce zan sayar da sa in biya. Dangin mutumin suka ƙi. Mahaifiyarsa ta ce ba za a yanka mata ɗa ba, suna da mai ɗorin da suka gada kaka da kakanni. Suka sa hannu a takardar asibiti cewa da son ransu suka fitar da shi, suka tafi da shi gida. Ban iya hana su ba, ba ni da wannan hurumin, amma na roƙi mai unguwarmu da nasu su shaida cewa na yi tayin Dala an ƙi. Kuɗin mai ɗori ma ni na biya. Na kai buhun gero huɗu gidansa, kuma matasan unguwarmu suka yi masa gayya aka yi masa maimai da girbi, don yana da mata da 'ya'ya biyar kuma shi kaɗai ne mai nema.

Bayan kamar wata biyu, yayansa da ke zaune a Kano ya zo ya ga ƙafar, ransa ya ɓaci, ya shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci yana neman diyya. Da sammaci ya iso na ji zafi, don a ganina ina iyakar ƙoƙarina. Yanzu kuwa ina ganin yana da gaskiyarsa. Abin da nake bayarwa kyautatawa ce da zan iya dainawa ranar da na ga dama, shi kuma yana son a mayar da shi haƙƙi.

Zaman farko bai yi tsawo ba. Mai ƙara ya faɗi da'awarsa, alƙali ya juyo gare ni, kuma tambayoyinsa su ne dai na liman: katangar taka ce, ta karkata kafin ta faɗi, an yi maka magana, kwana nawa tsakani? Wani ya ba ni shawara tun a waje cewa in musa zancen gargaɗin, in bar su su nemo shaidu. Mai unguwa da dattawan nan biyu suna zaune a benci a bayana, amma ko ba sa nan ba zan iya ba. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, an gaya min, kuma kwana 19 ne." Alƙali ya sa aka rubuta iƙirarina, ya ce to ba sauran buƙatar shaidu a kan wannan.

Na zaci a ranar za a yanka min kuɗi. Sai alƙali ya ce ba a ƙiyasta diyyar rauni sai ya warke, don sai a lokacin ake sanin abin da ya bari a jiki. Abin da ya yanke nan take shi ne keken, saboda dukiya ba ta jiran warkewa: aka kira mai gyaran keke ya ƙiyasta shi a kan naira 35,000, na biya a makon. Sauran kuma ya ɗaga, ya ce a dawo da rahoton likita a kan abu biyu, raunin kai da ƙafa.

Raunin kan nan, wanda ni na ɗauka ƙarami ne tunda ɗinki shida kawai aka yi, ashe shi ne ya fi haɗari ga aljihuna. A fiƙihu raunukan kai suna da sunaye da matakai. Wanda ya tsaga fata da nama har ƙashi ya bayyana, ko da kamar bakin allura ne, sunansa muliha, kuma diyyarsa a yanke take: raƙuma 5, wato kashi ɗaya cikin 20 na cikakkiyar diyyar rai. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya. Idan aka lissafa dinari a kan giram 4.25, muliha ta kama dinari 50, giram 212.5 na zinariya ke nan. Da wani ɗan'uwana ya buga min lissafin da farashin zinariya na lokacin, na ga ko na sayar da gidan da gonar da shanun ba za su biya ba. Kuma ba zan iya cewa dangi su taya ni a matsayin wajibi ba, domin aƙila, wato dangin mutum ta wajen uba, suna ɗaukar diyyar kuskure ne idan ta kai sulusin cikakkiyar diyya. Abin da bai kai sulusi ba daga dukiyar mutum shi kaɗai yake fita.

Makonnin da na yi ina jiran wannan rahoto ban yi barcin kirki ba. Da ya fito, likitan da ya yi ɗinkin ya rubuta cewa raunin ya tsaya a fata da nama, bai kai ƙashi ba, kuma ya warke, tabon yana cikin gashi. Alƙali ya ce raunin da bai kai muliha ba, idan ya warke bai bar aibi ba, ba shi da diyya yankakkiya. Da a ce ba a kai shi asibiti a ranar ba, da ba wanda zai iya faɗin zurfin raunin bayan ya rufe, sai dai a yi ta rantse-rantse.

Ƙafar kuwa ta warke da aibi. Sabon hoto ya nuna ƙashin ya haɗe a ɗan goce, ƙafar ta gajarta da wajen santimita 3, yana ɗingishi, kuma ba ya iya daɗewa a sunkuye yana noma. Karayar cinya ba ta da adadi yankakke kamar yatsa ko haƙori. Abin da ake yi mata shi ne hukuma: a dubi yawan naƙasar da ta bari a mutum, a ƙiyasta ta da wani kaso na diyya bisa ijtihadin alƙali da bayanin masana. A nan ne gardama ta yi zafi. Yayansa ya ce katangata ce ta naƙasa ƙaninsa, yana neman naira miliyan 2. Kawuna ya fito da takardar tura shi Dala da wadda suka sa wa hannu, masu unguwanni biyu suka shaida tayin da na yi, ya ce katanga ta karya ƙafa amma ɗori ne ya gajarta ta. Ni dai ban so aka tsaya a kan wannan ba, domin ba don katangata ba da ba wanda zai nemi mai ɗori. Amma shi ma batun ƙin zuwa Dala ba ƙarya ba ne, kuma kowa a ɗakin ya san haka.

Alƙali ya ce zai iya yin hukunci, amma ya fi son mu gwada sulhu, tunda ƙauyukanmu kasuwa ɗaya suke ci kuma akwai auratayya a tsakani. Ya ba mu mako uku. Aka zauna a zauren dagaci, da limamai biyu da masu unguwanni da dattawan kowane ɓangare. Na zazzage ledar rasit, aka tara kuɗin asibiti da magani da mota da na mai ɗori, ya kama naira 185,000. Aka amince wannan ya tafi a matsayin jinya, ba za a cire shi daga abin da za a yanka ba, haka ma geron. Sannan aka shiga ciniki a kan naƙasar. Mai raunin da kansa, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba, shi ya kashe maganar. Ya ce da yayansa, "Yaya, mutumin nan bai gudu ba, kuma bai yi ƙarya a gaban alƙali ba. A yanka abin da zai iya." Aka tsaya a kan naira 700,000: in ba da 300,000 nan take, sauran 400,000 kuma kashi biyu, rabi bayan an sayar da amfanin rani, rabi bayan kaka mai zuwa.

Ba mu bar shi a baki ba. Aka rubuta yarjejeniya da adadin kuɗi da ranakun biya, da cewa wannan ya rufe duk wata da'awa a kan raunin kai da na ƙafa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu huɗu suka sa nasu. Muka mayar da ita kotu, alƙali ya tambayi mai raunin shi kaɗai ko da yardarsa aka yi ba tilas, ya ce da yardarsa, sannan aka shigar da sulhun a matsayin hukuncin kotu. Amfanin haka ta kowane ɓangare ne: idan na ƙi biya, yana da hukuncin da zai sa a tilasta min, idan kuma wani ɗan'uwansa ya taso bayan shekaru da sabuwar da'awa, ina da takardar da zan nuna. Kwafi ɗaya na kai wa 'yan sanda suka rufe nasu fayil ɗin. Gaba ɗaya, ban da gero da zirga-zirga, abin ya ci min naira 920,000. Sa ɗin da na yi niyyar sayarwa don Dala shi ya tafi, da awaki huɗu.

Wani lauya ɗan garinmu ya gaya min daga baya cewa da babbar kotu aka kai ni, ba ma za a tsaya neman wanda ya gargaɗe ni ba. A can abin da ake dubawa shi ne ko mai gida ya san da haɗarin, ko kuwa ya kamata a ce ya sani, kuma tsaga mai kamu biyu a bangon da mutum yake wucewa kullum ta isa amsa. Ya ce haka ake auna bishiya ma: lafiyayyar da guguwa ta tumɓuke daban, wadda ta bushe ko gara ta cinye cikinta kowa yana gani daban.

Wannan magana ce ta sa na zagaya na dubi dalbejiyar ƙofar gidana da idon da ban taɓa dubanta da shi ba. Babban reshenta na yamma, wanda ya miƙa kan hanya inda yara ke zama cin tuwon makaranta, ganyensa ya yi ƙaranci shekara biyu ke nan, ɓawonsa yana ɓarewa, kuma akwai hanyar gara a jikinsa. Na ƙwanƙwasa shi da ƙotar gatari, ya yi amo kamar ganga. Na gaya wa mai unguwa, aka tare hanyar da safe, masu sara biyu suka ɗaure shi da igiya suka sauke shi gunduwa-gunduwa. Da aka duba, cikinsa rami ne har hannu yana shigewa.

Kason ƙarshe na kai shi da kaina bayan kakar 2023, tare da kawuna da mai unguwa. Mun samu mai raunin a ƙofar gida yana saƙar zana, sana'ar da ya koma tunda noma ya yi masa wuya. Ya ƙirga kuɗin a gaban shaidu, aka rubuta a bayan takardar cewa an gama biya, ya dangwala. Lungun bayan gidana kuwa sai da ya shekara da zana kafin na samu halin gina katangar, kuma zana biyu daga cikin waɗanda na kafa a wurinsa na saya.